Tsarin Bitar Ilimin Magunguna na Mako 4 Kafin Jarrabawar Ƙarshe

Ƙanwata, na gina wannan tsari a kan jadawalinki na asibiti a Gusau, inda kike aikin dare daga Litinin zuwa Alhamis. Idan kin sauka aiki da safe ki yi barci har Azahar, domin abin da aka karanta da gyangyaɗi ba ya zama. Karatun ranakun aiki awa 1 da rabi ne, tsakanin La'asar da Magariba. Juma'a ta hutu ce, sai Asabar da Lahadi awa 4 kowace rana, a raba safe da yamma.

Mako na 1: ki fara da tafiyar magani a jiki, wato shigarsa jini, da yaɗuwarsa, da yadda hanta ke sarrafa shi, ƙoda kuma ta fitar. Kowace rana ki warware lissafi 10: adadin da likita ya rubuta a raba da wanda ke kwalba, a ninka da yawan ruwan maganin. Wanda ya ƙware a nan da wuya ya zubar da maki.

Mako na 2 na magungunan kashe ƙwayoyin cuta ne, kuma rukuni-rukuni za ki bi su. Jentamaisin na iya taɓa ji da ƙoda, rifamfisin kuma yana mayar da fitsari ruwan lemo. A zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ana ba da atesunet ta jijiya, miligiram 2.4 ga kowane kilo, nan take, da bayan awa 12, da bayan awa 24. Yaron da bai kai kilo 20 ba ana ba shi miligiram 3 ga kowane kilo. Ki duba maganin gubar dalma, tunda annobar 2010 a jiharmu ta auku.

Mako na 3 shi ne mafi nauyi: zuciya, hawan jini, ciwon suga da haihuwa. Ba a ba babba digoksin idan bugun zuciyarsa ya gaza 60 a minti, sai an sanar da likita. Ki daɗe a kan magniziyam salfet na jijjigar masu ciki, domin kafin a maimaita shi dole a duba numfashi, da yawan fitsari, da zaburar gwiwa, a kuma ajiye makarinsa, kalsiyam gulukonet, a kusa. Sauran makarai ki rubuta su a kati guda: nalokson ga mofin, bitamin K ga wafarin, furotamin ga hefarin. Idan ɗakin marasa lafiya ya lafa da dare, ki zaɓi magunguna 3 daga waɗanda kika raba ki tambayi kanki aikinsu da illarsu, amma kada hakan ya ɗauke hankalinki daga majinyata.

Mako na 4 babu sabon darasi. Ki amsa tambayoyin shekarun baya da agogo a gabanki, ki koma inda kika faɗi kawai. Tun yanzu ki roƙi shugabar ɗaki ta sauya miki dare 2 na ƙarshe, domin ki shiga jarrabawa da cikakken barci.