Bayanin Falsafata ta Koyarwa

Zuwa ga Kwamitin Ɗaukar Malamai, Kulliyar Tarbiyya ta Hantub, Jami'ar Jazira

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Malamaina masu girma, kun nemi duk mai neman wannan gurbi na koyar da manhaja da dabarun koyarwa ya bayyana yadda ya ɗauki aikin malanta. Zan fara da ajin da na koyi abin da nake son koyar wa ɗalibanku.

Ni haifaffiyar Mai Wurno ce, garin da ke gaɓar Shuɗin Nilu kudu da Sinnar, wanda ya ci sunan Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru da ya yi shahada a Burmi a 1903. Da Hausa na buɗe baki, a halwa, wato makarantar allo, na fara karatu, sai da na shiga makarantar gwamnati na fara jin Larabcin littafi daga safe har azahar. Na yi digirin farko da na biyu a fannin tarbiyya a Bakhtar Ruda, na kuma shekara goma sha ɗaya ina koyarwa a azuzuwan farko a ƙauyukan da yawancin yaransu ba da Larabci suke magana a gida ba.

A shekarata ta biyu da fara aiki ina da wani yaro a aji biyu, ɗan shekara takwas, da yake faɗuwa lissafi kullum. In na yi shifta na ce "khamsa wa ishirin", sai ya rubuta 52. In na ce "talata wa arba'in", ya rubuta 34. Na ja masa jan biro har takardarsa ta koma kamar an yanka kaza a kanta, na kuma rubuta a rahotonsa cewa yana da raunin fahimta. Wata ranar kasuwa na tsaya sayen albasa, sai ga shi zaune a rumfar mahaifiyarsa shi kaɗai. Ya auna mini, ya haɗa kuɗin albasa da na kuɓewa a ka, ya miƙo canji daidai tun ban gama buɗe jaka ba. Na dawo gida jikina a sanyaye. Da dare na ɗauko littafinsa na bi kurakuran ɗaya bayan ɗaya, sai na ga ashe duk kuskure guda ne. Bahaushe yana cewa ashirin da biyar, gomomi a gaba. Balarabe yana fara ambaton biyar sannan ashirin. Yaron yana rubuta abin da kunnensa ya fara ji a gurbin da harshensa ya saba sa na farko. Washegari na kira shi gaban allo na ce, "Faɗa mini da Hausa tukuna." Ya faɗa, ya rubuta daidai. Muka yi kwana uku muna jera lambobin a harsunan biyu, har ya gano da kansa cewa ashirin, talatin, arba'in da hamsin ɗin da ya sani tun yana goye duk daga Larabci suka zo. Daga nan bai sake juya lamba ba. Abin da na rubuta a rahoton nan kuwa ya riga ya shiga hannun mahaifinsa, har yau yana damuna.

A kan wannan na gina aikina. Malami ba ya da ikon yanke wa yaro hukunci sai ya san ta wace hanya yaron ya bi ya kai ga amsar da ya bayar. Kuskuren yaro yana da asali, kuma galibi asalin wani abu ne da ya sani da kyau amma ya ajiye shi a inda bai dace ba. Ɗalibin kulliya da ya koyi karanta kuskure ta haka, na yarda in ba shi amanar aji.

Saboda haka ba na buɗe kwas ɗin dabarun koyarwa da ma'anar kalmomi. A makon farko nakan shigo da ɗaurin takardun yara na gaske, an rufe sunayensu, in raba wa ɗalibai bibbiyu in ce kada wanda ya sa maki. Aikinsu su rubuta mini abin da suke zaton yaron yana tunani a lokacin da ya rubuta wannan amsa, da tambaya guda da za su yi masa don su tabbatar. Da farko abin yana ba su wuya, hannunsu ƙaiƙayin jan biro yake yi. Wajen mako na huɗu sai ka ji suna gardama a kan takarda ɗaya, wannan ya ce harshe ne, wancan ya ce bai gane darajar gurbin lamba ba. A wannan lokacin nake kawo nazariyya, domin sun riga sun ji ƙishirwarta. In na karanta musu maganar Ibn Khaldun a Muƙaddima cewa ilimi da sannu-sannu ake ɗora shi gwargwadon abin da mai koyo zai iya ɗauka, kuma tsanantawa tana cutar da ɗalibi har ta koya masa ƙarya da yaudara, sai su ga fuskokin yaran da suka yi wata guda suna nazarin rubutunsu. Haka ma bayanin Vygotsky a kan tazarar da ke tsakanin abin da yaro zai iya shi kaɗai da wanda zai iya in an kama masa.

Batun harshe shi ne inda na fi daɗewa, kuma a nan nake ganin zan fi amfanar wannan kulliya. Larabci ne harshen koyarwa a makarantunmu, ni ma ina son kowane yaro ya mallake shi sosai, don da shi zai zauna jarrabawar shahada, da shi zai karanta Alƙur'ani da fahimta. Amma ɗaliban da za ku yaye za a tura su ƙauyukan Jazira da Sinnar da Gadarif, inda a benci ɗaya za a sami mai Hausa, mai Fillanci, mai Barbarci da mai harshen Masalit. Tun 1953 Hukumar UNESCO ta ba da shawarar a fara koyar da yaro da harshen uwa, kuma binciken Jim Cummins ya nuna cewa abin da yaro ya ƙware a kai a harshensa na farko yana bin sa zuwa na biyu. Ba na cewa malami sai ya iya harsuna huɗu. Abin da nake koyarwa ƙananan dabaru ne da kowa zai iya: ka bar yara biyu su tattauna tambaya da harshen gida kafin su amsa da Larabci, ka tambayi aji "me kuke ce wa wannan a gida?" ka rubuta a gefen allo, ka san sautukan da babu su a harshen yaro don kada ka ɗauki wahalar furta harafin ainu a matsayin taurin kai. Ɗan Hausa da ya saba bambanta "ka zo" da "kin zo" ya riga ya shigo da rabin darasin muzakkar da mu'annas a bakinsa. Musanna kuwa sabon abu ne gare shi, yana bukatar lokaci. Malamin da ya san wannan ya san inda zai yi sauri da inda zai zauna.

Ina kuma girmama halwa, kuma ina faɗa wa ɗalibaina haka a fili. Wajen faki, malamin halwa, na fara ganin ana koyar da yara arba'in kowa da inda ya tsaya a allonsa, babba yana biya wa ƙarami, ba a wanke allo sai karatu ya zauna. Bulalar ce ban ɗauko ba. Haka nan nakan ba su labarin Nana Asma'u da jajinta na 'yan taru, waɗanda suka riƙa kai karatu ga matan ƙauye cikin waƙa da harshen da suke ji.

Game da gwaji, koyarwa sana'ar hannu ce, ba a iya ta daga kujera. Kowane ɗalibina yana tsayawa ya koyar da darasin minti goma a gaban 'yan uwansa aƙalla sau uku a zango, mu ɗauka da waya, mu kalla tare. Abu na farko da muke ƙirgawa shi ne shirun da ke biyo bayan tambaya. Mary Budd Rowe ta gano cewa malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya kacal, kuma in jiran ya kai uku amsoshi kan ƙara tsawo, waɗanda ba sa magana su fara ɗaga hannu. Ga yaron da sai ya juya tambaya zuwa Hausa a ransa, ya nemo amsa, ya mayar da ita Larabci, waɗannan daƙiƙoƙi su ne damarsa gaba ɗaya. Rabin makin kwas ɗina daga irin wannan aiki yake fitowa da kuma littafin lura da ɗalibi ke cikawa lokacin tarbiyya amaliyya, sauran rabin daga jarrabawa. Wanda darasinsa na farko ya watse yana da damar sakewa, kuma na ƙarshen nake ƙirgawa. Ni ma nakan ba su takarda marar suna a tsakiyar zango su faɗi abin da ba su gane ba daga gare ni, in dawo aji in amsa.

Ba zan rufe ido ga halin da muke ciki ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a 15 ga Afrilu 2023 makarantu da yawa suka rufe, wasu suka zama matsugunin 'yan gudun hijira, kuma ku mutanen Madani kun fi ni sanin abin da ya faru daga Disamba 2023 zuwa Janairu 2025. Ni a Gadarif na yi wani ɓangare na wannan lokaci, ina koyar da yara a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, allonmu murfin kwali, allinmu gawayi. A tabarma ɗaya akwai 'yar shekara bakwai da ɗan shekara goma sha biyu, dukansu a kan harafi ɗaya, babban yana jin kunyar ƙaramar. Wata yarinya ta yi mako uku ba ta ce uffan ba, in an buga ƙofar ƙarfe a kusa sai ta kwanta ƙasa. Ban matsa mata ba, na ba ta aikin raba gawayi kowace safiya, kuma a wurin rabon ne na fara jin muryarta tana ƙirga. Irin waɗannan yara ne ɗalibanku za su tarar. Dole su fita daga nan sun san yadda ake auna matakin yaro cikin minti biyar, a raba aji bisa abin da yara suka iya maimakon shekarunsu, a haɗa kayan koyarwa daga tsakuwa da murafun kwalba, su kuma gane lokacin da damuwar yaro ta fi ƙarfin malami don a nemi wanda ya san aikin.

Bakhtar Ruda, wadda aka kafa a 1934 kusa da Duwaim, ta yi suna ne saboda ana gwada darasi a kan yara na gaske kafin a buga shi a littafi. Wannan tarbiyya na samu, ita nake son ci gaba da ita a Hantub. In kun ba ni dama, ina roƙon a haɗa ni da makarantun firamare biyu da ke kusa, ɗaya a gari ɗaya a cikin unguwannin ma'aikatan gona, inda ɗalibaina za su riƙa zuwa kwana ɗaya a mako tun daga shekara ta biyu. Ina kuma da niyyar ci gaba da tattara kurakuran lissafi da na rubutu na yara masu harshe biyu, aikin da na faro a digirina na biyu, har ya zama ɗan jagora da malamin ƙauye zai iya sa wa a aljihu. A shirye nake in gabatar da darasin gwaji a gaban kwamiti ranar da kuka ga dama, kuma zan zo da takardun yaran.

Na gode, Allah Ya yi muku jagora. Wassalamu alaikum.