Ta'aziyyar Baba, zuwa ga Nura

Assalamu alaikum Nura. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya haƙuri, ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baba, ya gafarta masa, ya sa ya huta, ya kai haske kabarinsa, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarsa, ku kuma Allah ya ba ku haƙurin jure wannan rashi.

Na kira layinka bayan Magariba ba ka ɗauka ba, kuma ban ji komai ba don na san yadda gidan rasuwa yake, wannan ya shigo wannan ya fita, waya ma ba ka san hannun wa take ba, shi ya sa na ce bari in rubuta, duk lokacin da ka samu natsuwa ka karanta, ba sai ka amsa ba wallahi.

Sani ya gaya min kun sauka Funtua lafiya, Alhamdulillah. Ya kuma gaya min maganar da ka yi ta maimaitawa a tasha kafin motarku ta tashi daga Agege, wai kana Ikko kana neman kuɗi aka kai mahaifinka makwancinsa ba ka nan, ba ka yi masa wanka ba, ba ka ɗauki makararsa ba. Wannan maganar ce ta hana ni sukuni tun jiya, kuma ita ce nake so mu yi da kai.

Nura don Allah kar ka ɗora wa kanka wannan. Bayan Asuba aka kira ka, ƙarfe 2 bayan Azahar aka yi jana'iza, to ka gaya min ta wace hanya mutum zai bar Ikko ya isa Funtua a tsakanin nan? Ko jirgi ka samu a Ikeja sai ka sauka Kano ko Kaduna tukuna ka sake neman mota, balle motar haya da sai ta bi Ibadan, Ogbomosho, Ilori, ta haye gadar Jebba, ta wuce Mokwa, ga lalacewar titi ga manyan motoci da ke tare hanya, mutum ya kwana ya wuni yana tafiya. Kuma yayyenka da ba su jira ka ba daidai suka yi, abin da addini ya ce ke nan a gaggauta kai mamaci, kai ma da kana gida wani ɗan'uwan ne yake nesa haka za ka yi. Duk wanda yake zaune a kudu a cikinmu ya san da wannan a ransa, daga masu sayar da tumatir da albasa a Mile 12 har masu dabbobi a Alaba Rago har mu da muke zaman ofis a Apapa, kowa in wayar gida ta shigo da sassafe sai gabansa ya faɗi. Ba yawo ya kawo ka ba, neman halal ne, kuma da albarkarsa ka taho.

Ni shaida ne a kan yadda ka riƙe Baba. Tebur ɗinmu ɗaya, ina ganin ka ranar da albashi ya shigo, kafin ka taɓa ko sisi sai ka tura na maganinsa na hawan jini da na cefanen gida, wani watan ma har ka rage kuɗin motarka ka riƙa tsayawa jiran bas maimakon ka hau okada don dai kar a ce maganinsa ya yanke. Ina jin ku in ya kira ka lokacin hutun sallar Azahar, yadda kake miƙewa daga kujera ka rage murya kana "na'am Baba, to Baba, in sha Allahu Baba" kamar yana tsaye a gabanka, har Madam ta akawun ta taɓa tambayata wai wane babban mutum ne wannan da Nura yake tashi tsaye in ya kira. Watan azumin da ya wuce ka je ka yi sati biyu a wurinsa, ka dawo kana ba mu labari ya sa maka albarka har ya riƙe hannunka ya ƙi saki. Wanda ya samu wannan daga mahaifinsa yana raye, ai ya samu abin da ake nema.

Ni ma ba zan manta shi ba. Lokacin da ka kawo shi Ikko aikin ido na zo gaishe shi a ɗakinka, na zauna da niyyar minti goma sai ga ni har Isha'i, yana ba ni labarin zamanin da yake fataucin goro, yadda suke sauka a Sabon Shagamu da Agege su ɗaure huhun goro a loda a jirgin ƙasa ko a gingimari a yi arewa, ya ce a lokacin mutum zai ba ka kaya na kuɗi masu yawa ba takarda ba shaida, sai dai amana kawai. Yarabancinsa ya fi nawa ya fi naka nesa ba kusa ba, mai gidan hayarka ya sauko suka yi ta hira suna dariya mu muna kallo. Da zan tafi ya kira ni ya ce in riƙe ka amana, in na ga ka kauce in yi maka faɗa kar in ji nauyi. Idonsa a naɗe da bandeji, bai ma ga fuskata sosai ba amma ya yi min addu'ar da har yau in na tuna sai na ji daɗi a raina. Allah ya saka masa da Aljanna.

In kuka ya zo maka ka yi abinka, kar ka ce kai namiji ne ko ƙanne suna kallonka. Annabi Sallallahu Alaihi Wasallam da kansa ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗar sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Abin da aka hana shi ne ihu da kururuwa da faɗar maganar da ba ta dace ba, kuma na san ba halinka ba ne. Ka je maƙabarta ka tsaya a kan kabarinsa ka yi masa addu'a son ranka, ka tambayi limamin unguwarku a kan yi masa salla a kabarin tunda ba ka samu jana'iza ba, don ya tabbata Annabi ya yi wa matar nan mai sharar masallaci salla a kabarinta bayan an binne ta bai sani ba. Sannan ka tuna hadisin da ke cikin Muslim, in ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku, sadaka mai gudana, ko ilimin da ake amfana da shi, ko ɗa nagari da yake yi masa addu'a. Na ukun nan yana hannunka, a Funtua kake ko a Apapa, a sujada ko a cikin gosulo a kan hanyar Oshodi, duk inda ka ɗaga hannu za ta same shi.

Ka kula da Hajiya sosai. Yanzu gida cike yake, amma in an yi kwana uku an tashi daga zaman makoki, baƙi sun watse, ita za a bari da ɗaki da takabar wata 4 da kwana 10, a lokacin ne rashin zai fi taɓa ta. Ka zauna da ita ku yi hira, ka tabbatar tana cin abinci tana shan maganinta, ku tsara da 'yan'uwanka mata wadda za ta riƙa kwana da ita. In akwai bashi a kan Baba ku fara da shi kafin a yi maganar komai, ku yi cigiya a masallaci da cikin abokan kasuwancinsa, in abin ya fi ƙarfinku ka gaya min kai tsaye ba kunya tsakaninmu. Abokansa tsofaffin nan ma da suke zaman majalisa tare, ka bi su gida-gida ka gaishe su kafin ka taho, kyautata musu kyautata masa ne.

Maganar aiki kuwa ka cire ta daga ranka gaba ɗaya. Na shiga wurin oga da safen nan, ya ce ka zauna har ka kammala abin da kake yi, ba wanda zai taɓa albashinka, ya ce ma in miƙa maka gaisuwarsa zai kira ka da kansa in an kwana biyu. Takardun kwantenonin nan biyu da ke kan teburinka na ɗauka, ni da Sani za mu bi su wurin kwastan har su fita, in wani kwastoma ya kira ka kar ka ɗauka, ko ka turo min lambarsa kawai. Mutanen ofis duk suna yi maka ta'aziyya, Musulmi da Kirista, Yarabawa da Ibo, direbobi har masu gadi, da kansu suka kawo shawarar a haɗa ɗan abin da ya samu, na tura maka a akawun ɗinka ɗazu, ba yawa amma a sayi ko ruwa ne na masu zuwa gaisuwa, kuma don Allah kar ka ce za ka kira kowa godiya. Mun yi masa addu'a a masallacin ma'aikata bayan Azahar, ranar Juma'a ma in Allah ya kai mu zan gaya wa liman a unguwa a sa shi cikin addu'a.

Iyalinka suna lafiya. Maman Khalifa ta je ta wuni da amaryarka, gobe ma za ta koma, yara kuma ina biyawa in ɗauke su tare da nawa in kai su makaranta, saboda haka kar ka yi tunanin nan.

In ka tashi dawowa kar ka yi gaggawa kuma kar ka biyo motar dare in da hali, ka gaya min ranar in zo tasha in ɗauke ka.

Ka miƙa min ta'aziyyata ga Hajiya da Yaya Babba da sauran 'yan'uwa maza da mata, ka ce musu Auwal na wurin aikinka yana gaishe su da haƙuri. Allah ya jiƙan Baba da rahamarsa, ya yafe masa kurakuransa, ya sauƙaƙa masa tambayar kabari, ya haɗa shi da iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya a Aljanna, ya albarkaci abin da ya bari, ya haɗa kanku, in tamu ta zo Allah ya sa mu cika da imani. Amin ya Rabbi.

Zan sake kiranka gobe bayan Isha'i.

Ɗan'uwanka,
Auwal