Roƙon Buɗe Asusun Ajiyata Mai Ƙarewa da 0482 (Lambar Ƙorafi 208417)

Litinin, 17 ga Maris, 2025

Zuwa ga Manajan Reshe,

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina fatan kana lafiya tare da ma'aikatanka, da fatan kuma aiki na tafiya yadda ake so.

Na rubuto ne a kan asusun ajiyata da ke reshenku, wanda lambarsa ta ƙare da 0482. Tun ranar Laraba 5 ga Maris aka hana fitar da kuɗi daga cikinsa, kuma har yau ban samu bayani a rubuce kan dalilin hakan ba. Roƙona shi ne a buɗe asusun. Idan akwai abin da ya hana, a sanar da ni ko mene ne, da takardun da zan kawo domin a warware shi.

A nan reshen na buɗe asusun a shekarar 2016, kuma a cikinsa ake biyana albashi. Ranar da abin ya fara, na sa katina a na'urar cirar kuɗi, ta karɓi lambar sirri, na zaɓi adadin da nake so, sai ta maido min da katin ba tare da ta ba ni komai ba. Na ɗauka matsalar na'ura ce. Da yamma na gwada tura kuɗi ta manhajar banki a waya, sai saƙo ya fito cewa ba a yarda a yi wannan hulɗa a asusun ba. Amma ina iya shiga manhajar, ina ganin kuɗina cif yadda suke, kuma ranar 11 ga Maris wani ɗan ƙaramin kuɗi ya shigo har na samu saƙonsa. Ke nan shiga tana yiwuwa, fita ce aka tsayar. Na ambaci wannan ne don ya taimaka wa wanda zai duba: asusun bai kwanta saboda rashin amfani ba, domin kowane mako ina hulɗa da shi, kuma katin ma ba a toshe shi saboda kuskuren lambar sirri ba.

Washegari, Alhamis 6 ga Maris, na zo reshe. Ma'aikaciyar da ke teburin kula da abokan hulɗa ta karɓe ni da mutunci, ta duba kwamfuta, ta ce wa'adin katin shaidar da na buɗe asusun da shi ya ƙare, sai an sabunta bayanaina. Sabon katin yana aljihuna, don haka nan take na cike fom, aka ɗauki kwafin katin gaba da baya, na bayar da hoto da takardar shaidar adireshi. Ta buga hatimi a kan kwafin fom ɗin ta ba ni, ta ce cikin kwana biyu na aiki za a buɗe. Da wa'adin ya wuce ba a buɗe ba, na kira layin kula da abokan hulɗa ranar Laraba 12 ga Maris. Wanda ya ɗauka ya tabbatar min cewa sabon katin ya shiga rajista, amma ya ce akwai wata alama a kan asusun da ba su da ikon cire ta daga wajensu, sai reshe ya tura bayani zuwa sashen da ya sa ta. Shi ya ba ni lambar ƙorafi 208417. Da na tambaye shi wane bayani ake nema, ya ce abin bai fito a gabansa ba.

A nan maganar ta tsaya, ranka ya daɗe. Reshe ya ce katin shaida ne, an gyara. Layin waya ya ce reshe ake jira. Ban ga laifin ko ɗaya daga cikin ma'aikatan biyu ba, kowa ya faɗi iya abin da ya gani a gabansa. Amma a ganina an kai matakin da sai mai ikon ganin fayil ɗin gaba ɗaya ya sa baki, shi ya sa na kawo maganar gabanka.

Tun da ba a faɗa min dalili ba, bari in kawo abubuwa biyu da nake zaton suna iya zama sanadi, tare da hujjar kowanne, don kada a ɓata lokaci ana aiko min da tambaya ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, kuma shi na fi zato: ranar Litinin 3 ga Maris, kwana biyu kafin a tsayar da asusun, kuɗi ya shigo a dunƙule wanda ya ninka albashina sau da yawa, daga asusun wani mutum a wani bankin daban. Kuɗin motata ne da na sayar. Na san doka ta ɗora wa bankuna nauyin sanin abokin hulɗarsu da sa ido kan kuɗin da ya saɓa wa yadda asusu ya saba tafiya, kuma mutumin da albashi kaɗai ke shigar masa shekara da shekaru, in aka ga irin wannan adadi rana ɗaya, dole a tambaya. Ban ƙi a tambaye ni ba, hasali ma ina maraba da hakan, domin irin wannan sa idon ne zai kare ni ranar da wani ya yi yunƙurin taɓa kuɗina. Na haɗo takardar cinikin motar mai ɗauke da sa hannuna da na mai saye da na shaidu biyu, da kwafin takardun motar masu sunana, da rasit ɗin tura kuɗin da mai sayen ya aiko min. Sunan da ke kan takardar ciniki shi ne sunan asusun da kuɗin ya fito, kuma adadin ɗaya ne, babu ragi babu ƙari. Na kuma tuntuɓi mai sayen, ya tabbatar min cewa bai shigar da wani ƙorafi a bankinsa ba, bai kuma nemi a dawo masa da kuɗin ba. Ya ce a shirye yake ya rubuta hakan ko ya zo da kansa in ana buƙata.

Na biyu ƙaramin abu ne, amma na san na'ura ba ta san ƙarami ba. A tsohon katin shaidata sunana biyu ne, nawa da na mahaifina, kuma haka aka buɗe asusun. Sabon katin yana ɗauke da suna uku, an ƙara sunan kakana a ƙarshe. Ranar haihuwa da hoto da sa hannu duk ba su canja ba. Idan wannan bambancin ne ya hana bayanan su dace da juna, ina roƙon a faɗa min takardar da banki ke karɓa a irin wannan hali, ko takardar rantsuwa ce daga kotu ko wani fom ne na gyaran suna, zan kawo ta cikin makon nan.

Idan kuma ba ɗaya daga cikin biyun nan ba ne, misali umarnin kotu ne, ko wata hukuma ce ta nema, ko wani ne ya kai ƙorafi cewa ya turo kuɗi bisa kuskure, to ni dai ba a kawo min wata takarda ba, ba a kuma kira ni ba. Na fahimci akwai yanayin da doka ba ta ba banki damar bayyana wa mai asusu komai da komai ba. In haka ne, ko da a taƙaice a sanar da ni cewa maganar ba a hannun reshe take ba, a kuma nuna min inda zan dosa.

Abin da ya sa nake neman a hanzarta shi ne bashin da na karɓa a wannan banki, wanda ake cire kasonsa kai tsaye daga wannan asusun ranar 25 ga kowane wata. Tun da na karɓe shi ban taɓa makara ba. Kuɗin biyan na wannan watan suna nan a cikin asusun, amma ban sani ba ko hanin da aka sa zai bari a cire su. Idan bai bari ba, ina tsoron a ci ni tarar jinkiri, ko a shigar da sunana cikin waɗanda suka gaza biya a rajistar masu bashi, alhali kuɗin suna hannun banki. Irin wannan tabo yana da wuyar gogewa, kuma zai iya bin mutum duk inda ya je neman rance nan gaba. Saboda haka ina roƙon a tabbatar min a rubuce cewa za a cire kason ranar Talata 25 ga Maris kamar yadda aka saba, ko kuma ba za a ɗora min tara ba in hanin ne ya hana. Ban da wannan, albashin wannan watan ma nan zai shigo, ga kuɗin makarantar yara da hidimar gida suna jira.

Akwai wata mafita da nake roƙon a duba, in tsarin banki ya yarda da ita. Idan kuɗin motar ne ake bincike a kai, a riƙe daidai adadinsa har a gama, a sakar min ragowar da albashina in ci gaba da amfani da su. Ba ni da gaggawar taɓa kuɗin motar, zan iya jira.

Wani abu kuma da ya kamata ka sani: ranar Juma'a 14 ga Maris wani ya kira ni da lambar da ban sani ba, ya ce daga banki yake, zai buɗe min asusun in na karanta masa lambar da za a turo min ta saƙon waya. Ban ba shi ba, na kashe wayar. Na rubuta lambar da ya kira da ita da lokacin kiran, zan miƙa wa duk wanda ka umarta. Wannan ne ma dalilin da ya sa ban rubuta cikakkiyar lambar asusuna a wannan saƙon ba. Adireshin imel ɗin da na rubuto da shi shi ne wanda ke rajistar banki, kuma da lambar ƙorafin za a iya gano fayil ɗina.

Bayan takardun motar da na ambata, na haɗo kwafin sabon katin shaidata da na tsohon, da kwafin fom ɗin 6 ga Maris mai hatimin reshe, da hoton saƙon da manhaja ta nuna min. Na asalinsu duk suna hannuna.

Zan yi matuƙar godiya in na samu amsa ta wannan adireshin zuwa ranar Juma'a 21 ga Maris, domin a samu sarari kafin ranar biyan bashin. Idan maganar ta fi ƙarfin reshe, ina roƙon a ba ni adireshin sashen karɓar ƙorafi na hedikwata in bi ta can, amma na fi son a gama ta a nan inda aka san ni. In kuma ka ga ya fi dacewa in zo mu zauna, ina samun dama kowace ranar aiki daga ƙarfe 2:00 na rana, sai dai a sa min lokaci ta imel ko ta lambar wayata da ke rajista.

Na gode da lokacinka. Allah Ya taimaka, Ya ƙara girma.

Naka cikin girmamawa,
Sani
Mai asusun ajiya mai ƙarewa da 0482