Saƙon Fatan Alheri na Buɗe Sabuwar Shekarar Ciniki

Kaduna, 3 ga Nuwamba, 2025

Zuwa ga Alhaji, babban abokin cinikinmu na Saminaka.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, da yaran shago, da 'yan dako, da direbobi. Ranka ya daɗe, Allah ya nuna mana kaka lafiya. Sabuwar masara ta fara shigowa, waken suya na biye da ita, mu kuma a nan sito mun rufe littafin bara mun buɗe sabo. Kafin motar farko ta taso, mun ga ya dace mu aiko da gaisuwa a rubuce, mu yi godiya, mu kuma yi wa juna barka da shiga sabuwar shekarar ciniki. Allah ya sa mun shige ta a sa'a.

Godiyar tana da dalili. A shekarar da ta ƙare tirela 22 ka lodo mana, 17 na masara, 5 na waken suya, kowace buhu 300. A cikinsu guda ɗaya kacal masu saye suka yi wa ragin kuɗi saboda danshi, ita ma ba a dawo da ita ba. Wanda ya san wannan sana'a ya san ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba daga sama ya faɗo ba, idonka ne da tsayuwar yaranka a bakin sikeli. Ba mu manta da haƙurin da ka yi ba lokacin da kuɗin mota biyu suka yi jinkirin mako uku a hannun mai saye. Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma.

Bara ba ta zo da sauƙi ba ga masu ajiya. Tun da gwamnatin tarayya ta sanar a 2024 cewa ta janye harajin shigo da masara, shinkafa, alkama da wake na kwana 150, kasuwar hatsi ba ta koma yadda aka saba ba. Al'adar da aka sani ita ce a saya da kaka a jira bazara farashi ya ɗaga. A 2025 sai abin ya juya, wanda ya riƙe kaya har damina ya sayar ƙasa da yadda ya saya, ga kuɗin sito, ga kuɗin magani. Manomi kuma ya sayi taki da tsada ya zo ya tarar da masara ta yi arha. Saboda haka shawararmu bana ita ce a rage dogon ajiya. Kashi biyu cikin uku na abin da muka saya ya fita cikin makonni uku zuwa huɗu, ko da ribar buhu ba ta kai yadda rai ke so ba. Kashi ɗayan ne za mu ajiye, shi ma mu sake zama a kansa kafin azumi, wanda zai kama bayan tsakiyar Fabrairu in Allah ya kai mu.

Tunda ribar ta zama siririya, abin da zai iya cinye ta shi ne danshi. A nan muke roƙon ka ƙara matsa wa yara. Kamfanonin abincin kaji da ke karɓar kayanmu suna son masara mai danshin da bai wuce kashi 13 cikin 100 ba, waken suya kuma 12. Masarar farkon kaka, wadda aka karya aka casa cikin gaggawa saboda manomi na neman kuɗi, takan zo da 17 ko 18, wani lokaci fiye. Lissafin a fili yake: buhu mai kilo 100 da danshinsa ya kai 18, idan ya bushe ya sauko 13, kilo 94 da 'yan kai zai rage. Kusan kilo 6 sun tafi a kowane buhu. A tirela guda mai buhu 300 kimanin buhu 17 ke nan muka biya kuɗinsu, muka biya dako da kuɗin mota, alhali ruwa muka ɗauko. Wannan ma idan ta bushe lafiya ke nan. Idan aka ɗinke ta da danshi aka jibge, tsakiyar jibgin zai ɗau zafi cikin 'yan kwanaki, ƙwayar ta dusashe, fumfuna ta kama, daga nan sai gubar aflatoksin, wadda ba a ganinta da ido kuma dafuwa ba ta kashe ta. Kamfani na gwadawa a bakin ƙofa, in ta haura sai motar ta juyo.

Mun saya maka na'urar auna danshi guda biyu, direban motar farko zai taho da su tare da batir. A riƙa soka bututun ɗiba a sama, tsakiya da gindin buhu, a haɗa a auna, don wasu kan zuba busasshiya a baki su bar mai danshi a ƙasa. Idan yaro ya shiga ƙauye ba na'ura a hannunsa, gwajin gishiri yana taimakawa: kwalba busasshiya, a zuba masara kamar sulusinta, a ƙara cokali biyu ko uku na gishirin da aka shanya ya bushe sarai, a rufe a girgiza, a bar ta minti 15 a sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, masarar ba ta kai ɗinki ba. Cizo da haƙori da dattawa ke yi ba mu raina shi ba, amma haƙori bai iya bambance 13 da 15, kuma a wannan tazarar kuɗin yake.

Wadda ba ta bushe ba kada a ƙi ta gaba ɗaya, don manoman nan mutanenka ne kuma muna buƙatarsu baɗi. A saya da ragin da ya dace da danshinta, a faɗa wa mai ita dalili a gabansa, a shanya a kan tamfol, ba a ƙasa ko gefen kwalta ba. Kauri kada ya wuce faɗin yatsu uku, a riƙa juyawa, a tattara kafin raɓar yamma. Da iskar hunturu ta kankama kwana biyu zuwa uku sun isa.

Batun awo kuwa, mu tsaya a kan kilo. Ka saya da tiya ko mudu yadda kasuwa ta saba, amma kowane buhu ya hau sikeli kafin lodi, kilo 100 cif ban da nauyin buhun. A gwada sikelin kowace safiya da dutsen awo. Waken suya ya fi son a sa masa ido ta wajen yashi, tsakuwa da ɓawo, don a ƙasa ake bugunsa. A sheƙe a tankaɗe, datti kada ya wuce kilo 2 a buhu. Buhun da aka taɓa zuba taki ko siminti a ciki ba ma so ko kyauta ne.

Daga namu ɓangaren ga abin da muka ɗauka wa kanmu. An share sito an toshe ramukan ɓera, an gyara kwanon da ke yoyo ta kusurwar gabas. Za a jera kaya a kan katako, a bar ratar mita ɗaya tsakaninsu da bango, wanda ya fara shigowa shi zai fara fita. Maganin ƙwari ƙwayar hayaƙi ce kawai, a ƙarƙashin tamfol da aka danne gefensa da buhunan yashi, gwargwadon adadin da aka rubuta a jikin gwangwani, a bar shi rufe kwana 7, a buɗe ya sha iska kafin kowa ya taɓa. Ba a jefa ƙwayar tsirara cikin buhu, kuma ba mai kwana a ɗakin da aka sa ta, maigadi ne ko ɗan dako, domin hayaƙin yana kisa. Fiya-fiya da sauran magungunan feshin gona kada su kusanci hatsin da zai zo mana. Muna roƙon haka nan a sitonka.

Kuɗi kuma za mu riƙa turo rabin kuɗin mota a matsayin kafin alƙalami ranar da ka fara haɗa ta, cikon cikin kwana 3 da saukewa. Lambar asusun da muka saba ita ce, ba ta canza ba. Duk wanda ya kira ko ya turo saƙo da sunanmu cewa an sauya asusu, kada a saurare shi sai ka ji muryar Maigida da kanka. Haka nan kada yara su saki kaya don an nuna musu saƙon shigar kuɗi a waya. A duba asusu a ga kuɗin sun zauna tukuna. Jarin ajiyar da muka haɗa yana nan yadda yake, kashi 60 namu, 40 naka. Riba a raba biyu daidai, saboda wahalar saye a wuyanka take. Hasara, Allah ya kiyaye, gwargwadon jarin kowa, kamar yadda malamai suka karantar a babin tarayya. La'adar dillalai, dako, kuɗin ƙungiya da na haraji a hanya duk a rubuta su da rasit, mu daidaita littafi ƙarshen kowane wata maimakon a bari su taru har ƙarshen shekara.

Motoci su gama lodi da daddare su taso bayan sallar asuba, su biyo ta Pambeguwa su ɓullo Mararrabar Jos da rana tsaka. Tafiyar dare ba ma so, ko da mai saye yana gaggawa. Kowane direba ya riƙe takardar kaya mai adadin buhu, nauyi da danshin da aka auna, ku kuma ku turo mana hotonta da lambar motar kafin ta tashi. Kada a ɗora fiye da buhu 300 don a rage kuɗin mota, abin da aka rage taya da sifirin ke cinye shi.

Akwai wata shawara da za mu so ka juya a ranka kafin damina. Cikin manoman da ka fi amincewa da su a zaɓi kamar 20, mu ba su ingantaccen iri daga nau'in SAMMAZ na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, tare da Aflasafe, maganin rage gubar aflatoksin tun daga gona, wanda ake watsa kilo 10 a hekta makonni biyu zuwa uku kafin masara ta fitar da fure, su biya da kaka. In ka ga zai yiwu, sai mu tattauna idan mun zo. Muna sa ran Maigida zai shigo Saminaka a mako na biyu na Disamba, ya gaishe ka ya kuma ga sito.

Tare da wannan takarda akwai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba: shadda turmi biyu naka, atamfa ta Hajiya, da yadi goma-goma ga yaran sikeli su huɗu. A karɓa da haƙuri.

Allah ya sa albarka a dukiyarka da tamu, ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare direbobi a hanya, ya kare mu daga gobara, ɓarayi da bashin da ba ya dawowa. Allah ya ba manomanmu ikon komawa gona, ya zaunar da jiharmu lafiya. A miƙa gaisuwarmu ga Hajiya da yara, da Sarkin Kasuwa, da shugabannin 'yan dako.

Wassalam.

Naka ƙani,
Manajan sito, a madadin Maigida da dukkan ma'aikata,
Mando, Kaduna.