Saƙo ga Hajiya mai mashagal kan rinin gashina

Assalamu alaikum Hajiya, barka da yamma, ya aiki ya jama'a, ya kuma fama da wannan zafin na Jidda. Maman Hanan ce, wadda ke zuwa daga Hindawiyya, na zo mashagal ɗinku ranar Talata bayan la'asar aka yi min sabga, lokacin kin ɗan fita ba mu haɗu ba. Na so in kira ki a waya sai na ga gara in rubuto, ki karanta a nitse in kin samu sarari, ga hotuna kuma na turo tare da saƙon nan.

Dan Allah kar ki ɗauka faɗa na zo da shi, wallahi ba haka bane, kin san na daɗe ina zuwa wajenki tun kina tsohon shagon, kitso da lalle da istishwar duk a hannunki nake yi kuma ban taɓa komawa gida da ɓacin rai ba. Sai dai wannan karon kalar bata zauna daidai ba, ni kuma ban iya in yi shiru in je ina faɗa a bayan ido.

Abin da na nema shi ne bunni mai duhu, irin ruwan cakulan ɗin nan, lamba 5 a katin kaloli da yarinyar da ta yi min aikin ta nuna min, kuma ya zama kala ɗaya daga tushe har baki. A cikin mashagal da aka gama ya yi min kyau a madubi, har godiya na yi mata, to amma kin san fitilun wajen ja-ja ne, suna rufe abu. Washegari da safe na cire ɗankwali na tsaya bakin taga, sai ga kai ya rabu kashi-kashi. Tushen gashin, wajen faɗin yatsa biyu daga fatar kai, ya yi haske sosai ya koma ruwan lemu. Tsakiya kuma ya yi duhu, kusan baƙi, kamar ma ba a taɓa shi ba. Bakin gashin ya tafi ja. Sannan ta gefen hagu saman kunne akwai wani wuri da ya fi ko'ina haske, in na raba tsaga ta nan shi ake fara gani, ƙeya kuwa ƙanwata ce ta duba min ta ce akwai inda rinin bai kai ba sam. Hoto na biyu da na uku su ne na ƙeyar, a hasken rana aka ɗauka ba filta ba komai.

Abin da ya fi damuna furfurar gaban goshi, don ita ce ma ta kai ni. Bata rufu ba Hajiya, sai ta ɗauki wani haske-haske, yanzu ta fi fitowa fiye da da.

Ni ba ma'aikaciyar gashi bace, ke ce kika san sana'arki, amma bari in faɗi abin da na lura da shi ko zai taimaka a gane inda aka samu matsala. Kafin a fara na gaya wa yarinyar cewa na sa lalle a kaina wajen ƙaramar salla, kuma tsakiyar gashin akwai tsohon baƙin rini, bakin kuma ya sha rilaksa. Ta ce ba komai zai kama. Ta haɗa da oksijin na 30, ta fara shafawa daga tushe ta bi har ƙasa a lokaci ɗaya, sai aka kira ta wajen wata amarya, na zauna da shi a kai har aka yi kiran magariba kafin a wanke. Abin da na sha ji daga bakinki ma shi ne ɗumin fatar kai yana sa tushe ya riga sauran gashin buɗewa, shi ya sa ke kike barin tushen sai daga baya, kuma rini baya ɗaga tsohon rini, balle inda lalle ya riga ya zauna. To ina ganin abin da ya faru kenan, sabon gashi ya buɗe, tsohon ya ƙi. Ba a kuma gwada a ɗan silin gashi ba kafin a shafe kan duka.

Ban faɗi wannan don a yi wa yarinyar faɗa ba, dan Allah kar a taɓa mata albashi saboda ni. Tana da ladabi, hannunta ma da sauƙi, ranar ce kawai cunkoso ya yi yawa, ita kaɗai tana tsakanin kawuna uku.

Tun da na dawo ban sa masa komai ba, ba lalle ba wani rinin kanti, duk da ƙawaye sun yi ta ba ni shawara in sayo na kwali a saidaliyya in rufe da baƙi in huta. Na ƙi, don in na yi haka aikin gyaran zai ƙara miki wuya. Wanki ɗaya na yi da shamfun da kuka ba ni, sai man zaitun kaɗan a baki saboda ya bushe yana ɗan karyewa in na taje.

Roƙona shi ne ki ba ni maw'idi in zo ki duba kan da idonki, a kusa da ƙofa ko taga inda hasken waje ke shigowa, kafin a haɗa komai. In so samu ne ke da kanki za ki yi gyaran, in kuma ba hali to ki tsaya a kai. Bana son a yi sahabin kala ko a ƙara sa wani abu mai ƙarfi, gashin ba zai ɗauka ba. In rinsaj zai kashe ruwan lemun nan a duhunta tushen ya yi daidai da tsakiya, na yarda, ko da kalar ta ɗan fi wadda na zaɓa duhu, ni dai ta zama ɗaya kuma furfurar ta rufu. A fara gwadawa a ɗan gashin ƙeya mu gani. In kuma kin ga sai gashin ya ɗan huta an yi masa hammam zait tukuna, ki gaya min gaskiya, zan bi abin da kika ce.

Maganar kuɗi, riyal 450 na biya da shabaka, faturar tana hannuna na turo hotonta. Ba cewa nake a dawo min da su ba, gyaran nake so, kuma ina fatan ba za a sake cajina a kansa ba tunda aikin farko ne bai kammala ba. In akwai wani magani na daban da za a ƙara wanda baya cikin lissafin farko, ki faɗa min kuɗinsa tun kafin in taso.

Abin da ya sa nake ɗan gaggawa, bikin ƙanwar maigidana ne daren Alhamis ta sama a Makka, dangi duk suna Shari Mansur, kuma kin san yadda zauren mata yake, ana shiga za a aje abaya da tarha, ga fitilu ga dangin miji, ba inda zan ɓoye kan nan. Laraba za mu wuce, don haka Asabar ko Lahadi bayan la'asar sun fi min, lokacin maigidan yana gida zai kawo ni. In safiya ce ta fi miki sauƙi kafin mutane su taru, ita ma zan san yadda zan yi da yara in zo.

Ki duba hotunan ki ba ni amsa in kin samu dama, ko ta murya ce. Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara buɗi ya albarkaci sana'a. A gaida mutan gida.

Maman Hanan