Tsarin Ɗakuna, Farashi da Lokutan Hutu na Gidan Kwanan Ɗalibai Mata: Shawarar Shekarar Karatu Mai Zuwa

Zuwa ga Hajiya, mai gida
Daga manajar gida

Ranki ya daɗe, ga tsarin da kika ce in rubuto kafin mu buɗe rajista. Na bi littafin shiga da fita na bara shafi-shafi, kuma abin da na gano shi ne ba ƙarancin ɗalibai ke damunmu ba. Gadajen da muke da su ne ba su yi daidai da abin da ake nema ba, sannan yarjejeniyarmu tana barin kowa ta tafi a lokaci guda.

A duk lissafin nan na ɗauki kuɗin gado ɗaya na wata a ɗaki mai mutum huɗu a matsayin maki 100, sauran farashi kuma na auna su da shi. Idan kin tsayar da ainihin kuɗin bana, sai akawu ya ninka kawai.

Yadda bara ta kasance

Ɗakunanmu 36 ne: 30 masu mutum huɗu, 6 masu mutum biyu, gado 132 ke nan. A zangon farko mutum 126 suka kwana a gidan. A zango na biyu suka koma 108. Da dogon hutu na wata uku ya zo, mutum 20 kacal suka rage, alhali mai gadi da masu shara da famfon ruwa duk suna nan suna cin kuɗi kamar gida na cike. Idan aka haɗa shekarar gaba ɗaya, kashi 70 cikin ɗari na gadajen ne aka kwana a kai, kuma abin da ya shigo maki 116,700 ne.

Mutum 18 da muka rasa tsakanin zangon farko da na biyu, na san dalilin kowacce. Tara sun tafi koyon aiki a ma'aikatu, huɗu kuɗi ne ya gagara ko sun bar karatun, biyar kuma wani gidan suka koma don neman ɗakin da ba cunkoso. Waɗannan biyar ɗin su suka fi tsaya mini a rai, domin dukansu masu biya ne a kan lokaci. Ɗaya daga cikinsu, 'yar ajin ƙarshe, ta zo ofis da makullinta a hannu ta ce, "Anti, ba gidan na ƙi ba. Ina rubuta kundin kammala karatu, 'yan ɗakinmu kuma ba sa kashe fitila sai ɗaya na dare. Da kina da ɗaki mai biyu da ban motsa ba." Ba ni da shi. Sunaye 31 ne a jerin masu jiran ɗaki mai biyu a lokacin, gadajen kuma 12 ne, babu wanda ya taɓa zama babu kowa ko na mako ɗaya. Duk gurbin da muka samu a zangon karatu, a ɗakuna masu huɗu yake.

Sabon rabon ɗakuna

Ina ba da shawarar a cire gadaje biyu-biyu daga ɗakuna takwas masu huɗu na ɓangaren gaba, a sa teburin karatu biyu da durowa a wurinsu. Ɗakuna huɗun nan ƙanana da ke kusa da matakala, waɗanda muke cusa mutum biyu a ciki duk da ƙofar durowa na bugun gado, su koma na mutum ɗaya. Rabon zai zama haka:

- Mai mutum huɗu: ɗaki 22, gado 88, maki 100 a wata
- Mai mutum biyu: ɗaki 10, gado 20, maki 180 a wata
- Mai mutum ɗaya: ɗaki 4, gado 4, maki 320 a wata

Gado 112 ke nan, mun rage 20. Na san rage gado zai yi miki nauyi a kunne, amma ki dubi kuɗin. A tsohon tsari, idan gida ya cika maƙil, maki 13,800 ke shigowa a wata. A sabon tsari 13,680 ne. Bambancin bai kai kuɗin gado biyu ba, ga shi ruwa da wuta da layin banɗaki duk sun ragu da mutum ashirin. Kuma tsohon tsarin bai taɓa cika ba. A zango na biyu ɗaki mai huɗu yana kawo maki 320 ne a matsakaici, saboda kusan kowanne akwai gado babu kowa. Ɗakin nan idan ya koma mai biyu zai kawo 360.

Ƙarin da na yi wa ɗaki mai biyu, daga 150 zuwa 180, jerin masu jira ne ya nuna mun daɗe muna sayar da shi da araha. Ɗaki mai ɗaya kuwa gwaji ne, shi ya sa na tsaya a huɗu. Idan bai samu mai shiga ba cikin mako uku da buɗe makaranta, mayar da gado na biyu aikin rabin yini ne. Gadajen da za a cire kada a sayar, a jera su a sito.

Farashin ɗaki mai huɗu ban taɓa shi ba, kuma ina roƙon kada a taɓa. Shi ne ƙofar da sababbin ɗalibai ke shigowa ta ita, su ne kuma ke hawa zuwa mai biyu bayan shekara ɗaya ko biyu.

Yarjejeniya iri uku

Nan ne ainihin gyaran yake. Bara farashi ɗaya muka yi wa mai zama zango ɗaya da mai zama zango biyu, don haka babu abin da zai sa ɗaliba ta ɗaure kanta. Bana a raba. Mai ɗaukar zango biyu, wata tara, ta biya farashin da ke sama, wato 900 a gado mai huɗu. Mai ɗaukar zango ɗaya ta biya ƙarin kashi 15 cikin ɗari, kuma irin wannan yarjejeniya kada ta wuce gado 16 a duk gidan, a fifita waɗanda muka san koyon aiki ne zai fitar da su. Da zarar mun rubuta sunansu, mun san gadajen da za su buɗe tun wata huɗu kafin lokacin, sai mu fara yi musu talla ga masu dawowa daga koyon aiki da waɗanda suka samu gurbin karatu a makare.

Ta uku ita ce ta shekara cur. Ɗaliba ta zauna wata 12, ta biya na wata 10 da rabi, wato 1,050. Watanni ukun hutu sun zo mata a rabin farashi ke nan. Masu digiri na biyu, masu bincike a ɗakin gwaji, da waɗanda gidansu ke da nisa su ne za su so wannan. Burina mutum 30.

Kowace yarjejeniya da kuɗin ajiya na wata ɗaya, wanda za a mayar idan an duba ɗaki ba ɓarna. Ta wata tara da ta shekara a yarda a biya sau uku, kashin ƙarshe kafin mako na biyu na zango na biyu. Wadda ke son fita kafin lokacinta, idan ta kawo wadda za ta maye gurbinta kuma muka amince da ita, a mayar mata da ragowar kuɗinta. Ta yi mana aikin talla ne. Sannan a rubuta cewa zango yana bin kalandar makaranta, ba ranar wata ba. Idan makaranta ta ɗage jarrabawa da mako biyu ko ƙasa da haka, mu ɗauki nauyin. Abin da ya wuce haka a biya da farashin mako. Bara ba mu rubuta wannan ba, na kwashe kwana uku ina muhawara da iyaye a waya.

Dogon hutu

Cika gado 112 a hutu ba zai yiwu ba, kada ma mu wahalar da kanmu. A rufe ɓangaren baya gaba ɗaya, ɗaki 12, gado 48, a kashe masa wuta da ruwa, a yi fenti da gyaran famfo da ragar sauro a lokacin. Masu yarjejeniyar shekara da ke can su dawo gaba, kuma a sa wannan sharaɗin a takarda tun farko don kada ya zama rigima. Gado 64 za su rage a buɗe. Idan 30 sun tafi ga masu shekara, sai mu nemi 26 daga masu gajeren zama: masu karatun lokacin hutu, masu sake jarrabawa, 'yan wasu makarantu da aka turo koyon aiki kusa da mu, da malamai mata masu zuwa kwas. Farashinsu maki 80 a wata ko 25 a mako, biya kafin shiga, da katin makaranta ko takardar wurin aiki. Mata kawai, ko da za a bar gado babu kowa. Sunan gidan ya fi kuɗin wata uku.

Wasiƙu zuwa ofisoshin da ke tura waɗannan mutane su fita mako takwas kafin hutu. Ɗaya daga ɗakunan baya kuma a mai da shi wurin ajiyar kaya: wadda ta biya kafin alƙalami na sabuwar shekara ta ajiye akwati biyu kyauta, wadda ba ta biya ba maki 10 a wata. Wadda kayanta ke hannunmu da wuya ta nemi wani gida.

Rajista da abin da za mu sa wa ido

Mazauna gida su fara zaɓa mako shida kafin jarrabawar ƙarshe, su kaɗai na tsawon kwana goma, sannan jerin masu jira, sannan kowa. Idan saura mako huɗu a buɗe makaranta ba mu kai gado 85 ba, kada a karya farashi a allo, domin waɗanda suka riga suka biya za su zo neman ragi kuma gaskiyarsu ce. A ƙara yawan yarjejeniyar zango ɗaya zuwa 24, a kuma ba duk mazauniyar da ta kawo ƙawa ragin maki 30 a biyanta na gaba. Duk ranar Litinin zan turo miki lamba uku: gadajen da ke da mutum, waɗanda aka biya wa kafin alƙalami, da waɗanda za su buɗe cikin kwana 30.

Abin da nake hange shi ne mutum 110 a zangon farko, 104 a na biyu, 56 a hutu. Kashi 84 cikin ɗari ke nan a shekara, kodayake ba zan ɓoye miki ba, wani ɓangare na wannan hawan rage gadajen ne ya kawo shi. Kuɗin shi ne ma'auni: kimanin maki 129,000 a maimakon 116,700, ban ma sa ƙarin masu zango ɗaya a ciki ba. Lambar da na fi shakka ita ce 26 ɗin masu gajeren zama, tunda ba mu taɓa nemansu ba. Ko rabinsu muka samu, za mu wuce bara.

Ina jiran amincewarki a kan abu uku kafin ƙarshen mako mai zuwa: cire gadajen, sabon farashin mai biyu da mai ɗaya, da rufe ɓangaren baya. Kafinta ya ce teburi 16 za su ɗauke shi mako uku, don haka shi zan fara kira idan kin sa hannu.

Allah ya ƙara girma.

Manajar gida