Rahoton majinyaci: Malam S., mai fama da matsananciyar mantuwa bayan lalacewar hifokamfus

Sashen farfaɗo da masu cutar ƙwaƙwalwa, horon aikin asibiti. An sakaya sunan majinyaci, kuma shi da matarsa sun amince a rubuta rahoton.

Bayanin ciwo

Malam S. kafinta ne, ɗan shekara 47, mai amfani da hannun dama. Wata huɗu da suka wuce ya samu bugun zuciya, zuciyar ta tsaya kimanin minti 12 kafin a farfaɗo da shi. Ya kwana uku bai san inda kansa yake ba. Da ya farka, jiki da magana duk sun dawo daidai, shi ya sa aka sallame shi ana murna. A gida ne matarsa ta lura cewa sai ya ci abinci ya sake tambayar yaushe za a ci. Ba ya shan barasa, ba shi da farfaɗiya, kuma bai taɓa buguwa a kai ba.

Abin da na gani

Wanda ya yi hirar minti biyu da shi ba zai ce akwai wata matsala ba. Yana da fara'a da barkwanci, ya yi mini bayanin yadda ake haɗa ƙafar tebur dalla-dalla. Na fita ɗauko takarda, na dawo bayan minti biyar, sai ya miƙe ya ba ni hannu: "Likita, sannu da zuwa, ban taɓa ganinka a nan ba." Da na tambaye shi dalilin zuwansa asibiti, ya waiwayi matarsa ya ce, "Uwargida, me ya kawo mu?" Ta ce tun safe take amsa wannan tambayar.

Gwaje-gwaje

Yana maimaita lambobi 7 a jere, wato riƙon abu na ɗan lokaci lafiya ƙalau yake. A gwajin jerin kalmomi 15 na Rey, ya kawo 5 a karatun farko, 6 a na biyar; maimaitawa ba ta ƙara masa abin kirki ba. Bayan minti 20 bai kawo ko ɗaya ba, bai ma tuna an karanta masa jeri ba. Ya kwafi zane mai sarƙaƙiya tsaf, daga baya ya musanta cewa shi ya zana. Ƙuruciyarsa da aurensa yana ba da labarinsu daidai, amma shekaru biyun da suka gabaci ciwon sun yi masa hazo. Hoton ƙwaƙwalwa na na'urar maganaɗisu ya nuna hifokamfus, wato sashen ƙwaƙwalwa mai adana sababbin abubuwa, ya tsuke a ɓangarorin biyu, sauran sassa kuwa ba wani abin damuwa.

Ra'ayi

Wannan gazawa ce ta adana sabon abu, sakamakon yankewar iskar oksijin. Ƙwayoyin sashen CA1 na hifokamfus suna cikin waɗanda ke saurin mutuwa idan jini ya yanke. An yi tunanin cutar Korsakoff, wato mantuwar da ke biyo bayan yawan shan barasa ko ƙarancin abinci, amma babu tarihin barasa ko ƙarancin abinci, kuma ba ya ƙirƙiro labari don cike giɓi, sai dai ya ce bai sani ba. Kumburin ƙwaƙwalwa ma bai dace ba, tunda babu zazzaɓi. Lamarin ya yi kama da na Henry Molaison, wanda William Scoville ya yi wa tiyatar ƙwaƙwalwa a 1953 saboda farfaɗiya, daga nan ya kasa adana sabon abu, sai dai ɓarnar nasa ta fi wannan faɗi. Wani majinyaci da ake kira R.B., da aka bayyana a 1986, wanda yankewar jini ta lalata masa sashen CA1, ya fi kusa da namu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne gwajin zanen tauraro ta madubi, wanda Brenda Milner ta yi wa Molaison. Kurakuran Malam S. sun ragu daga 31 zuwa 9 cikin zama uku, alhali kullum sai ya ce yau ya fara ganin madubin. Koyon aikin hannu ba ta hifokamfus yake bi ba, kuma a ganina nan ne ya kamata mu zuba ƙarfinmu.

Tsarin kulawa

Za a koya masa buɗe littafin tuni duk lokacin da ƙararrawar waya ta kaɗa, ta hanyar ba shi amsa kafin ya yi kuskure, domin kuskuren na iya zama masa jiki ba tare da ya tuna an gyara masa ba. Magungunan zuciya su kasance a hannun matarsa. Haɗarin shan su sau biyu babba ne. Ba tuƙi, ba injin yankan katako, amma goge katako da fenti a gaban wani ba laifi.

Matar ta fi ba ni damuwa. Dangi suna ganin yana hira lafiya, sai su ce tana ƙara gishiri. Mun bayyana mata cewa cewa da shi "ka tuna mana" ba ya taimakawa, kuma zai yi wuya ƙwaƙwalwar ta koma yadda take. An shirya zama da 'yan'uwansa mako mai zuwa, a kuma maimaita gwaje-gwajen bayan wata shida.